Na ba ango AA alhali AS ne: yadda ake janye sakamakon da ya riga ya fita

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata ɗaya da rabi ina aiki a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa. Kwana tara da suka wuce na yi gwajin jinotaif na mutum takwas a zubi ɗaya. Jiya ina jera takardu sai na ga a takardar aikina lamba 5 AS ne, lamba 6 kuma AA, amma a babban littafi da takardun da muka bayar na juya su. Lamba 5 saurayi ne mai shirin aure, yarinyar da zai aura kuma a wurinmu ta yi nata tun da farko, AS ce. Saura mako uku ɗaurin aure. Babu wanda ya sani sai ni. Ina tunanin in kira shi in ce na'urarmu ce ta sami matsala, ya zo a sake masa kyauta, don in na gaya wa oga ina tsoron kora. Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaya wa oganka yau, kafin ku tashi daga aiki. Sauran bayanin da zan yi duk a kan yadda za ka yi hakan ne, da abin da za ka riƙe a hannu in za ka shiga wurinsa, da dalilin da ya sa dabarar da ka yi tunani ba za ta fisshe ka ba.

Mu a wannan sana'a aikinmu ba ya ƙarewa a ranar da muka sa hannu. Takardar da ka bayar kwana tara da suka wuce tana nan tana aiki har yanzu. Wataƙila tana aljihun angon, wataƙila tana hannun waliyyin yarinya, wataƙila an riga an ɗauki hotonta an tura wa dangi. A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, kuma jinotaif na cikin abin da ake dubawa; ko a inda babu irin wannan doka, iyaye da limamai da yawa sukan nemi ganin takardar kafin a ɗaura. Kowace safiya akwai wanda yake yanke shawara yana dogaro da haruffa biyun nan da ka rubuta: ana sayen kayan ɗaki, ana buga katin gayyata, ana sanar da 'yan uwa na nesa.

Kai ka san lissafin, amma ina so ka dube shi da idon mai aure. Idan AA ya auri AS, babu ɗan da zai zo da SS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, na farko bai rage wa na biyu komai ba. In Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, yiwuwar a sami aƙalla mai sikila ɗaya a cikinsu ta kai kusan kashi 68 cikin 100. In shida ne, ta haura 80. Cutar kuma ba ta nuna kanta ranar suna. Jariri yana zuwa da jinin da ya yi rayuwa da shi a ciki, wanda muke rubutawa da harafin F, shi ke kare shi a watannin farko. Sai wajen wata shida zuwa sama, lokacin da wannan jini ya ja baya, hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, yaro ya yi ta kukan da uwa ta rasa dalilinsa. Wato in ka yi shiru, kuskurenka zai bayyana ne bayan shekara biyu ko uku, a jikin yaron da bai san komai ba, a lokacin da babu sauran abin janyewa. Yau kuwa takarda ce kawai za a karɓo.

Awa ɗaya kafin ka shiga wurin oga

Kada ka je masa da "ina jin kamar na yi kuskure". Ka ɗauki awa ɗaya, ba fiye ba, ka tattara abin da ka tabbatar. Kuma a cikin wannan awa kada ka taɓa rubutun komai. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwan gyaran rubutu, kada ka sake kwafe shafi. Babban littafin a yadda yake da kuskurensa shi ne shaidarka cewa tuntuɓe ka yi, ba cuwa-cuwa ba. Ka san a garuruwanmu ana zargin wasu masu gwaji da karɓar kuɗi su rubuta wa mutum AA. Duk wanda ya ga littafi da alamar gogewa a daidai sunan ango, zargin da zai fara zuwa masa ke nan, kuma ba za ka iya wanke kanka ba.

Kuskure irin naka a wuri uku yake shiga. Ko dai tun wajen ɗibar jini an liƙa wa kwalba sunan da ba nata ba, ko wajen ɗiga jinin a kan takardar gwaji an sauya layi, ko kuma wajen kwafe sakamako daga takardar aiki zuwa littafi. Abin da ka gani yana nuni da na uku, amma kada ka yarda da haka tun ba ka duba ba.

Ka ɗauko ainihin takardar gwajin ta ranar, in kuna busar da su ku ajiye kamar yadda ya kamata. Ka fara nemo layin kwantarol, wato jinin da aka san yana ɗauke da A da F da S da C, wanda ake ɗigawa domin a gwada sauran da shi. A tankin lantarkin da yawancinmu ke amfani da shi wajen rarraba waɗannan nau'o'in jini a kan takardar gwaji, A ne ke yin nisa a gudu, sai F a bayansa, sai S, sai C kusa da inda aka ɗiga. Mai AA zane ɗaya mai kauri yake bayarwa a daidai A. Mai AS zane biyu yake bayarwa, na A ya ɗan fi na S kauri. Ka ƙirga layukan da yatsa, ka ga ko na biyar ne mai zane biyu. Sa'an nan ka tambayi kanka: a ina na sa kwantarol a ranar? Na sha ganin wanda ya saba sa shi a layin farko, ran nan ya sa shi a tsakiya, da ya zo karatu sai ya ƙirga da shi, duk sunayen da ke ƙasa suka zame da layi ɗaya. In haka ta faru, to ita kanta takardar aikin da kake ɗauka ita ce daidai tana iya zama mai kuskuren.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake so ka fi kula da shi. Kai ka ga mutum biyu, amma sai ka duba duka takwas ɗin. Dalili kuwa, a cikin mutanenmu kusan kashi uku cikin huɗu AA ne, don haka in sunaye suka zame, yawancin kuskuren ba ya nunawa: an ba mai AA sakamakon maƙwabcinsa, shi ma AA. Ka ɗauka lamba 4 AA ne, 5 AS, 6 da 7 da 8 duk AA. Idan idonka ya zame da layi ɗaya tun daga sama, 5 zai karɓi na 4, ya fito AA. 6 ya karɓi na 5, ya fito AS. 7 ya karɓi na 6, 8 ya karɓi na 7, duk AA. Abin da za ka gani a littafi daidai yake da abin da ka gani jiya, har ka ce musanya ce tsakanin mutum biyu, alhali zamewa ce ta shafin gaba ɗaya. Bambancin yana da muhimmanci, domin in zamewa ce, akwai yiwuwar ta taɓa na sama ma, kuma akwai yiwuwar ka taɓa yin irinta a wata rana. Saboda haka ka jera abu uku a kan tebur, takardar gwaji, takardar aiki da babban littafi, ka bi su suna bayan suna daga 1 zuwa 8, ka rubuta abin da ka samu a wata farar takarda daban da kwanan wata.

Kada ka ɓata lokaci a kan tsohon jinin da ke cikin firji. Jinin kwalbar EDTA, mai maganin hana jini daskarewa, yakan yi kamar mako guda a sanyi yana ba da zane mai kyau. Bayan haka sai zanen ya fara dusashewa yana jan wutsiya, balle a inda wuta ke ɗaukewa firji ya huce ya sake sanyi. Ko da ma jinin lafiyarsa lau, in kuskuren a wajen liƙa suna ya faru, sake gwada kwalbar zai maimaita maka kuskuren ne kawai. Sabon jini daga hannun mutumin shi ne zai raba gardama.

Dabarar "na'ura ta sami matsala"

Na fahimci abin da ya kai ka ga wannan tunani, kuma na ga alherin da ke cikinsa: ba ka so a ɗaura auren nan a kan sakamakon ƙarya. Amma ka bi ta a hankali ka ga inda take kaiwa.

Ango saura mako uku bikinsa ba shi da lokacin kansa. Yana wurin tela, yana wurin mai fenti, yana neman cikon kuɗi. Ka kira shi ka ce na'ura ta ɗan sami matsala, ya zo in ya sami dama. Yana da takarda a hannu mai cewa AA, wadda ita ce abin da yake fata. Me zai kawo shi? Zai ce maka in sha Allahu, sai bayan biki. Maganar da ka sassauta domin ta kare ka, sassaucin nata ne zai hana shi zuwa.

In kuma ya zo, ka sake gwadawa ya fito AS, wa zai sa hannu a sabuwar takardar? Yanzu ɗakin gwajinku ya fitar da takardu biyu masu karo da juna a kan mutum ɗaya, babu wadda ta soke wata, shugaban wurin kuma bai sani ba. Saurayin da ke son yarinya zai iya ninke ta biyun ya sa a aljihu ya ci gaba da nuna ta farko, kuma babu abin da ke rubuce da zai hana shi. In kuwa ya fusata ya zo ya sami oganka da takardu biyu, oga zai ji labarin daga bakin baƙo, tare da ƙarin cewa ka ɗora wa na'urarsa laifi. Wanda ya yi kuskuren kwafe yana da wurin zama a kowane ɗakin gwaji da na sani. Wanda aka kama ya shirya ƙarya don rufe kuskure, ko an bar shi, ba a ƙara sakin jiki da sa hannunsa.

Ga kuma lamba 6, wanda dabararka ta manta da shi gaba ɗaya. Zan dawo kansa.

Abin da za ka faɗa

Ka nemi ganin oga shi kaɗai, da takardun nan a hannunka. Ka fara da kuskuren, kada ka fara da uzuri. Kamar haka: "Ranka ya daɗe, na yi kuskure a sakamakon jinotaif na ranar kaza. Na rubuta wa lamba 5 AA, lamba 6 AS, alhali takardar gwaji ta nuna akasin haka. Jiya na gano. Lamba 5 aurensa saura mako uku, matar da zai aura AS ce. Na duba sauran shidan, ga abin da na samu. Ban taɓa littafin ba. Ina ganin a kira su biyun yau a sake ɗibar jini." Shi ke nan. In ya tambayi yadda aka yi, ka faɗi gaskiyar yadda ranar ta kasance: ko kai kaɗai ne a bakin aiki, ko an kira ka tsakiyar kwafe, ko babu wanda ya duba bayanka. Waɗannan bayanai ne da zai buƙata don toshe ƙofar, amma sai an tambaye ka za su yi amfani. In ka fara da su, kare kai za a ji.

Kuma ka faɗa masa jiya ka gano. Kada ka ce yau da safe. Kwana ɗaya na tsoro kowa zai fahimta.

Kiran angon ya fi kyau ya fito daga bakin oga ko babban ma'aikacin da lasisinsa ke riƙe da wurin, kana zaune. A fara tabbatar da cewa shi ne a kan waya, domin wayar saurayi tana iya kasancewa a hannun ƙaninsa ko abokinsa. Abin da za a gaya masa gajere ne: mun gano kuskure daga wajenmu a takardar da muka ba ka, kada ka yi aiki da ita, kada ka ƙara nuna ta, ka zo yau ko gobe da safe mu sake ɗibar jini, babu ko kwabo, ka taho da takardar. Zai tambaya, to mene ne sakamakon nawa? Kada a ce masa AS ne ta waya. Har yanzu ba ku tabbatar ba, kuma ba labarin da ake ba mutum yana kan babur ba ne. Amma kada a ce masa "ba wani abu ba ne". A ce masa abin ya shafi maganar aurensa, shi ya sa ba a so ya kwana biyu. In bai zo ba, a sake kira, a rubuta ranar da lokacin kowane kira da wanda ya yi shi.

Idan ya zo, a ce ya faɗi cikakken sunansa da shekarunsa da bakinsa, a rubuta a jikin kwalba a gabansa kafin ya tashi daga kujera. A tambaye shi ko an yi masa ƙarin jini a cikin wata uku da suka wuce, domin jinin wani yakan rikita zane. Wani ma'aikaci daban ya yi gwajin, ba kai ba, ba don an raina ka ba, sai don sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. A haɗa da gwaji na biyu ta wata hanya, wanda ake sa wa jini magani a duba a madubin ƙara girma ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. Mai AS nasa za su lanƙwashe, mai AA ba za su yi ba. Wannan gwaji shi kaɗai ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C, amma a matsayin mai shaida na biyu yana da amfani, domin akwai wasu nau'o'in jini da ba kasafai ake samu ba, irin su D, da ke tsayawa a daidai wurin S a tanki. Ni da ni ne, zan kuma aika rabin jinin wani wuri mai na'urar HPLC, wadda ke tantance nau'o'in jini ta wata hanya daban, kuɗin daga aljihun ɗakin gwaji. Mutumin da kuka ba AA jiya kuka ce AS yau yana da haƙƙin ya ƙi yarda da ku, kuma takardar wani wuri za ta sauƙaƙa masa karɓar gaskiya. A yi wa yarinyar ma tayin sake nata.

Sabuwar takarda ba ta fita kamar ba a taɓa yin wata ba. Ƙa'idar ɗakunan gwaji ta duniya, ISO 15189, ta tanadi cewa sakamakon da aka gyara a nuna a fili gyararre ne, a sanar da wanda ya karɓi na farko, kuma na farkon ya ci gaba da zama a ajiye. A aikace, a rubuta AMENDED REPORT a saman takardar, a ce ta soke wadda aka bayar ranar kaza mai lamba kaza, a sa kwanan wata da sa hannun mutum biyu. A babban littafi a ja layi ɗaya siriri a kan tsohon sakamako yadda za a iya karanta shi, a rubuta sabon a gefe, da kwanan wata da sa hannu. Tsohuwar takardar da ya dawo da ita a rubuta mata an soke, a liƙa ta a fayil.

Akwai iyakar da ba za mu tsallake ba. Mu ba ma cewa a fasa aure ko a yi. Namu shi ne mu ba da sakamako na gaskiya, mu haɗa shi da likita ko mai ba da shawara a asibitin masu sikila, wanda zai zauna da su biyun ya yi musu bayani. Kuma sakamakon sirrinsa ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanin lafiyar mutum ba da izininsa ba, sai a wasu halaye da ta ware. Don haka kada tausayi ya ɗebe ka ka kira gidan su yarinya. Abin da za a yi shi ne a tambaye shi wa da wa suka ga takardar farko, a nemi yardarsa a rubuce a sanar da su an janye ta, a kuma roƙe shi ya zo da yarinyar a yi musu bayani tare. In ya ƙi, ya ce zai ci gaba da tsohuwar, wannan ya fi ƙarfinka. Magana ce ta shugaban wurin da likita, wataƙila har da lauya. Abin da na sani shi ne duk wanda ya zo tantance waccan takarda, ɗakin gwajin ba zai ce tana nan daram ba.

Lamba 6

Shekaru da suka wuce, ina aiki a wani asibiti, na yi irin naka. Mata biyu suka zo rana ɗaya, sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, na haɗa takardunsu. Na gano da yammacin Alhamis. Hankalina duk ya tafi kan wadda na ba AA alhali AS ce, muka nemo ta, aka gyara. Ɗayar kuwa, wadda na ba AS alhali AA ce, sai na ce a raina ai ita kuskuren bai cuce ta ba, labari mai daɗi ne ke jiran ta, bari sai Litinin. Da muka same ta, ashe saurayin da ke neman ta AS ne, kuma a ranar Asabar ɗin nan mahaifinta ya tura aka gaya wa mutanen yaron a haƙura. Na tsaya a gaban dattijon nan na ce masa ni na yi kuskuren, kuma tun Alhamis na sani. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, da ka aiko ranar Juma'a." An daidaita daga baya, aka yi auren, amma sai da manya suka yi ta kai da kawowa, domin maganar da aka riga aka furta tsakanin gida biyu ba ta komawa ciki da sauƙi. Har yau in na tuna kwana ukun nan sai na ji nauyinsu, domin kuskuren farko na hannu ne, jinkirin kuwa da sanina na yi shi.

Ba ka san me ya kawo lamba 6 gwaji ba. Ko da ba aure ne a gabansa yanzu ba, mutum yakan yi jinotaif sau ɗaya ne ya riƙe har tsufa, ya gaya wa duk wadda zai nema, ya haƙura da wadda yake so saboda shi. A kira shi a rana ɗaya da angon, a yi masa duk abin da aka yi wa angon: sabon jini, gwaji biyu, gyararriyar takarda, da ban haƙuri daga bakinka.

Ban haƙurin ma yana da yadda ake yin sa. Ka ce ni na yi kuskure wajen rubuta sakamakonka, ka yi haƙuri. Kada ka ce "an samu kuskure" kamar daga sama ya faɗo. Kada ka nemi ya yafe maka a nan take, musamman angon, wanda wataƙila a wannan zama ne zai ga aurensa na rawa. Zai iya zaginka. Ka tsaya ka saurara. In sun yi wata asara ta kuɗi saboda takardar, kamar kuɗin mota ko na sake gwaji a wani wuri, wannan oga ne zai yi magana a kai, kada ka yi alkawarin abin da ba ka da iko da shi.

In oga ya ce a bar maganar

Ba zan yi maka alkawarin ba za a hukunta ka ba. Za a iya ba ka takardar gargaɗi, za a iya hana ka sa hannu kai kaɗai na wani lokaci, kuma akwai masu wuraren da zuciya ke ɗiba su yi kora. A abin da na gani a shekaruna, shugaban da ya san aiki yakan riƙe ma'aikacin da ya kawo kansa, domin ya san irinsa ne zai iya barin wa wuri ya yi tafiya. Amma ban san oganka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wato ya ce sunan wurinsa zai ɓaci, a yi shiru, Allah ya kiyaye gaba. In haka ta faru, ka ce masa cikin ladabi ba za ka iya ba, domin sa hannunka ne a kan takardar. Ka rubuta rahoton a takarda, gajere, da kwanan wata, ka ba shi, ka riƙe kwafi wanda babu sunayen mutanen a ciki sai lambobinsu. In mai wurin ɗan kasuwa ne kawai, ka sami ƙwararren da lasisinsa ke rataye a bango, domin shi ne zai amsa tambaya in abu ya ɓaci, kuma da wuya ya yarda a binne. In likita ne ya turo angon, shi ma yana da haƙƙin sanin an janye sakamakon da ya nema. Bayan waɗannan akwai hukumar da ke kula da masu aikin gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa, MLSCN, wadda ke yi wa ma'aikata da ɗakunan gwaji rajista. Duk wannan a cikin kwana biyu zuwa uku, domin kwanakin bikin ba sa jiran ku gama shawara.

Idan ƙura ta lafa, ka kai wa oga shawarar gyara guda biyu da ba sa cin kuɗi. Kwantarol ya zauna a layi ɗaya kullum, a rubuta lambar kowane mutum da fensir a gefen takardar gwaji kafin a ɗiga jini. Sa'an nan kada sakamakon jinotaif ya fita sai mutum biyu sun karanta: ɗaya ya riƙe takardar gwaji yana faɗin lamba da abin da ya gani da ƙarfi, ɗaya yana bin littafi da yatsa. Mu tun bayan abin da ya faru da matan nan biyu haka muke yi, kuma zubin mutum takwas bai fi minti uku ba. Ka kuma nemi izini ka koma baya ka bi duk zubin da ka kwafe kai kaɗai a 'yan watannin nan, ka gwada takardar aiki da littafi. In ka sami wani, ka kai shi ta wannan hanyar da ka kai na farko.